Idan Majinyaci Ya Ce Zai Kashe Wani, Shin Likita Zai Rufe Bakinsa?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane, musamman game da asibitocin masu taɓin hankali da wuraren ba da shawara ga masu shaye-shaye: wai duk abin da ka faɗa wa likita, in dai ya ji da ɗan haɗari a ciki, doka ta wajabta masa ya kai ka gaban 'yan sanda ko ya kira danginka. Wannan jita-jita tana hana masu bukatar magani zuwa asibiti, waɗanda suka daure suka je kuma sai su ɓoye rabin abin da ke damunsu. Wasu kuma sun ɗauki ɗaya gefen, suna ganin sirrin majinyaci ba ya fita ko da rai zai salwanta. Duka biyun ba haka doka ta ce ba.

Shari'ar da ake koyar da ɗaliban likitanci da na lauya da ita a kan wannan batu ta faru ne a jihar California ta Amurka, ana kiranta shari'ar Tarasoff. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Indiya mai suna Prosenjit Poddar, da ke karatu a Jami'ar California reshen Berkeley, ya kamu da son wata budurwa, Tatiana Tarasoff. Ita kuwa ta nuna masa ba ta yi. Abin ya taɓa shi ƙwarai, har ya fara ganin wani masanin halayyar ɗan Adam, Dakta Lawrence Moore, a asibitin jami'ar. A watan Agustan 1969 ya gaya wa Moore cewa zai kashe wata yarinya idan ta dawo daga tafiya. Bai ambaci sunanta ba, amma bayanin da ya yi ya isa a gane wace ce. A lokacin Tatiana tana hutu a Brazil.

Abin da masu ba da labarin nan suka cika tsallakewa shi ne Moore bai yi shiru ba. Ya sanar da 'yan sandan jami'ar da baki, ya kuma rubuta musu takarda yana neman a tsare Poddar a asibiti. 'Yan sandan suka kama shi, suka yi masa tambayoyi, suka ga yana magana cikin hankali, ya yi musu alkawarin ba zai je kusa da ita ba, suka sallame shi. Shugaban sashen, Dakta Harvey Powelson, ya ba da umarni a karɓo takardar a lalata ta tare da bayanan da Moore ya rubuta, kuma kada a sake ɗaukar wani mataki. Poddar ya daina zuwa asibitin. Babu wanda ya gaya wa Tatiana ko iyayenta komai. Ranar 27 ga Oktoban 1969 ya je gidansu ya daɓa mata wuƙa har ta mutu.

Iyayenta suka kai ƙara. Kotun Ƙoli ta jihar California ta yi hukunci a 1974 cewa mai ba da magani yana da alhakin gargaɗin wanda ake shirin cutarwa. Likitocin ƙwaƙwalwa suka yi caa, kotun ta sake sauraron shari'ar, ta fitar da sabon hukunci a 1976. A wannan karon ta sauya lafazi: alhakin shi ne a ɗauki matakin da ya dace don kare mutumin. Gargaɗinsa hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyi, akwai sanar da 'yan sanda, akwai gaya wa wanda zai iya isar masa da saƙon, akwai duk wani mataki da halin da ake ciki ya kira. Mai shari'a Mathew Tobriner, wanda ya rubuta hukuncin, ya taƙaita shi da cewa kariyar sirri tana ƙarewa ne a inda haɗari ga jama'a ya fara.

Yanzu ga inda ake fahimtarsa a baibai. Na farko, ba hukuncin ɗauri ba ne. Ƙarar neman diyya ce, kuma abin da kotun ta ce shi ne iyayen suna da hurumin ci gaba da ƙararsu a kan masu ba da maganin. Daga baya ma sulhu aka yi a wajen kotu. Su kuwa 'yan sandan da suka riƙe Poddar a hannu suka sake shi, kotun ta ce babu alhakin gargaɗi a kansu, saboda babu wata alaƙa ta musamman tsakaninsu da shi irin wadda ke tsakanin mai magani da majinyacinsa. Ni dai wannan ɓangaren bai kwanta mini ba. Mutumin da ya fi kowa ƙoƙari a labarin nan, wato Moore, shi ne aka bari da nauyin a wuya.

Na biyu, kuma shi ne sashen da ya fi tayar da ƙura, lafazin da ke cewa alhakin yana hawa kan mai magani idan ya gano majinyacin na da haɗari, ko kuma idan bisa ƙa'idar aikinsa ya kamata a ce ya gano. Wannan “ya kamata a ce ya gano” ɗin ita ce ta tsorata likitoci. Likitan ƙwaƙwalwa yana jin maganar kisa da ɗaukar fansa daga bakin mutane da yawa, akasarinsu kuma ba sa taɓa kowa. Zafin rai ne kawai yake fita ta baki, wanda fitarsa ɗin ma wani ɓangare ne na magani. Bayan an riga an yi kisa, kowa zai iya duba baya ya ce ai alamu sun bayyana. Kafin a yi, babu wani awo da zai tabbatar. Ɗaya daga cikin alƙalan, Mai shari'a Clark, ya ƙi amincewa da hukuncin, yana mai cewa zai kori masu bukatar magani, ya sa waɗanda suka zo su riƙa ɓoye ciki, ya kuma sa likitoci su riƙa tsare mutane ba gaira ba dalili don su kare kansu. Hujjarsa ba ta banza ba ce, jita-jitar da muka faro da ita ma shaida ce.

Shi ya sa aka yi ta matse ƙa'idar daga baya. A 1980, a shari'ar Thompson, wannan kotun dai ta duba batun wani yaro da ke tsare wanda ya ce zai kashe wani ƙaramin yaro a unguwarsu, aka sake shi, ya kuwa aikata. Kotun ta ce babu alhakin gargaɗi, domin barazanar ba ta nuna wani takamaiman mutum ba. A 1985 majalisar jihar ta yi doka cewa alhakin yana tasowa ne kawai idan majinyaci ya furta babbar barazanar cutar da jikin wani da za a iya gane ko wane ne. A jihar Texas kuwa, Kotun Ƙolinsu ta ƙi karɓar ƙa'idar gaba ɗaya a 1999. Ke nan ko a Amurkar ma ba doka ɗaya ake bi ba, balle a ce ta ɗaure likitan da ke Kano ko Maraɗi.

A Najeriya, abin dubawa shi ne sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Asalin hukuncin a nan shi ne rufewa: duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, maganinsa, ko zamansa a asibiti sirri ne, kuma wannan ya hau kan kowane ma'aikaci, daga likita da nas har mai ajiye kati. Ana buɗewa ne idan majinyacin ya amince a rubuce, ko kotu ko wata doka ta bukata, ko iyaye da masu kula suka nema a madadin yaro ko wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara, ko kuma idan yin shiru zai zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. A lura da abu biyu a wannan togiya ta ƙarshe. Izini ta bayar, ba ta ce dole ba. Sannan lafiyar jama'a ta ambata, lafazin da ya fi dacewa da annoba irin kwalara ko zazzaɓin Lassa fiye da mace guda da wani ke barazanar kashewa. Wannan giɓi ne a ganina, kuma ya bar likita yana auna abin da kansa, alhali idan ya tona sirri ba bisa dalili ba, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, tana iya gurfanar da shi, a tsawata masa, a dakatar da shi, ko a soke sunansa daga rajista.

To yaya ake aunawar? A ƙaddara wani magidanci da ake duba shi saboda damuwa da rashin barci bayan rabuwa da matarsa. Idan ya ce, “Wallahi wani lokaci ji nake kamar in shaƙe ta,” likita ba zai ɗauki waya ba. Tambaya zai yi. Ka taɓa dukanta? Ka shirya yadda za ka yi? Kana da makami? Ka san inda take yanzu? Kana shan wani abu? Kana jin wata murya na ba ka umarni? In amsoshin suka nuna ɓacin rai ne ba shiri, maganar tana nan cikin ɗakin, sai dai a matso da ranar dawowarsa kusa, a duba maganinsa.

Amma a ce ya amsa cewa ya sayi wuƙa shekaranjiya, ya san takan fita daga gidan iyayenta zuwa Islamiyya da la'asar, ya taɓa karya mata hannu, kuma ya daina shan magani. Nan abubuwan sun haɗu: cutar babba ce, an san wadda za a yi wa, akwai hanya, kuma lokacin ya kusa. Duk da haka ba da tona sirri ake farawa ba. Likita zai gaya masa a fili cewa wannan magana ba za ta tsaya tsakaninsu ba, sai fa idan faɗar hakan za ta ƙara haɗarin. Zai nemi ya yarda a kwantar da shi, ko a kira wani ɗan'uwansa da yake jin maganarsa ya karɓi wuƙar ya zauna tare da shi. Zai tuntuɓi babban likitan sashen. Sau da yawa a nan abin yake tsayawa, domin majinyacin da ya kawo maganar da bakinsa galibi yana neman wanda zai tare shi ne.

Idan ya ƙi duk wannan ya tashi ya fita, sai a sanar da matar ko mahaifinta, da kuma 'yan sanda. Darasin Tarasoff a nan shi ne kai rahoto ga hukuma kaɗai bai isa ba idan wadda ake nufi ba ta sani ba, kuma ba a bibiyi abin da hukumar ta yi ba. Abin da za a faɗa ma yana da iyaka: wane ya furta kaza a kanki, muna ganin da gaske yake, ki kauce wa fita ke kaɗai. Sunan cutarsa, magungunansa, abin da ya faɗa game da iyayensa ko bashin da ake binsa, duk ba su shiga ciki. Maigidansa a wurin aiki da maƙwabtansa ba su da rabo a maganar. Daga nan likita ya rubuta a fayil kalmomin da majinyacin ya furta, da ƙarfe nawa, da wa ya yi shawara, wa ya kira, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan matakin ya bar wancan.