Zaɓen fomular motsi a tambayoyin jifa

Tambayoyin jifa rukuni ne na tambayoyin kimiyyar fiziks da ke bin diddigin abin da aka jefa sama aka bar shi da jan ƙasa kaɗai, kamar dutse daga majajjawa ko ƙwallon da aka buga. A makarantun sakandare na Jos, kamar sauran na Najeriya, ana koyar da su a babban aji, kuma suna fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Takardar atisaye ɗaya kan ɗauki tambayoyi da yawa masu kama da juna a ido, alhali kowace da fomular da ta dace da ita. Zaɓen ya dogara ne kan abu biyu: raba motsin gida biyu, sannan gano adadin da tambaya ba ta bayar ba kuma ba ta nema ba.

Fomulolin da abin da kowace ta rasa

Adadi biyar ne ke cikin lissafin motsi mai ƙarin gudu wanda ba ya canzawa. Akwai gudun farko u, gudun ƙarshe v, ƙarin gudu a, tazara s, da lokaci t. Fomuloli huɗun da aka saba koyarwa su ne:

```
v = u + at
s = ut + ½at²
v² = u² + 2as
s = ½(u + v)t
```

Kowace ɗaya tana ɗauke da huɗu daga cikin biyar ɗin. Ta farko babu s a cikinta, ta biyu babu v, ta uku babu t, ta huɗu babu a. Tambayar da aka tsara daidai takan ba da adadi uku ta nemi na huɗu, na biyar kuwa ba ta ambace shi sam. Fomular da ta rasa wannan na biyar ita ce ta aikin. Idan an ba da gudun farko da ƙarin gudu da tazara, aka nemi gudun ƙarshe, to lokaci ne ba a zancensa, don haka ta uku za a ɗauka kai tsaye. A tambayoyin jifa, fomula ta huɗu ba ta cika shiga aiki ba, tunda ƙarin gudu a sananne ne kullum, amma tana da amfani wajen duba amsa.

Raba motsin gida biyu

Masanin kimiyya Galileo ne ya nuna, a aikinsa na 1638, cewa tafiyar abin da aka jefa haɗin motsi biyu ne da ba sa shiga harkar juna. Ta kwance babu abin da ke tura shi ko riƙe shi, muddin an yi watsi da tirjiyar iska, saboda haka gudunsa na kwance ba ya canzawa daga tashi har sauka. Ta tsaye kuwa ƙasa na jan sa, tana canza gudunsa da kusan mita 9.8 a sakan cikin kowace sakan. Tambayoyin jarrabawa sukan ce a ɗauki wannan ƙarin gudu, da ake kira g, a matsayin 10. Tudun Jos ya haura mita 1,200 sama da teku, amma raguwar g da wannan tsayin ke jawowa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba, don haka ɗalibin Jos da na Legas lamba ɗaya suke aiki da ita.

Idan an jefa abu da gudu u a kan kusurwa θ daga kwance, rabon kwance shi ne u cos θ, na tsaye kuma u sin θ. A kwance babu wani zaɓi, fomula ɗaya ce tak, wato x = (u cos θ)t, inda x yake nisan kwance. Duk zaɓen da ake magana a kai yana faruwa ne a ɓangaren tsaye. Abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai shi ne lokaci kaɗai, shi ya sa tambayar nisa takan fara da neman t a tsaye, sannan a kai shi kwance.

Kafin a taɓa fomula ana zaɓar sama ta zama ɓangaren ƙari. Da zarar an yi haka, a ya zama −10 a duk tsawon tafiyar, ko abin na hawa ko yana sauka. Ita kuma s ba tsawon hanyar da abin ya bi ba ce. Bambanci ne tsakanin inda ya tashi da inda yake a lokacin da ake tambaya.

Lambobin da ke ɓoye cikin kalmomi

Sau da yawa ɗalibi ya ƙirga lambobin tambaya ya ga biyu kawai, ya ɗauka an manta da ta uku. Tana nan, cikin lafazi aka sa ta. "Ƙololuwar tashi" na nufin gudun tsaye ya zama sifiri a wurin, ko da yake gudun kwance na nan yadda yake. "An jefa shi a kwance" na nufin gudun farko na tsaye sifiri ne. "Ya dawo daidai inda ya tashi" na nufin s = 0. Dutsen da aka cilla a kwance da gudun mita 6 a sakan daga rufin bene mai tsayin mita 20 yana da u = 0, a = −10, s = −20 a tsaye. Ana neman t, ba a zancen v, sai fomula ta biyu. Ta ba da sakan 2, nisan kwance kuma mita 12.

Akwai wata lamba da ɗalibai ke ƙirƙira da kansu ba tare da tambaya ta bayar ba. Sukan sa v = 0 a wurin sauka, da hujjar cewa dutse ya tsaya da ya faɗi. Fomulolin suna aiki ne har zuwa daidai gab da taɓa ƙasa, kuma idan wurin sauka yana ƙasa da wurin tashi, a nan ne dutsen ya fi gudu.

Gajerun fomuloli da iyakarsu

Littattafan makaranta kan kawo wasu uku da ɗalibai ke haddacewa, T ta lokacin da abin ya yi a sama, H ta ƙololuwar tashi, R kuma ta nisan kwance:

```
T = 2u sinθ / g
H = u² sin²θ / 2g
R = u² sin2θ / g
```

Daga fomulolin farko aka fitar da su. T ta fito ne daga sa s = 0 a ta biyu, R kuma T ce aka ninka da gudun kwance. Ma'ana su biyun suna aiki ne kawai a fili mai daidaito, inda wurin tashi da na sauka suke tsayi ɗaya. Ƙwallon da aka buga daga ƙasa da gudun mita 20 a sakan kan digiri 30 zai yi sakan 2 a sama, ya kai tsayin mita 5, ya sauka a nisan mita 34.6, kuma gajerun fomulolin sun wadatar. H ba ta da wannan sharaɗin, sai dai tsayin da take bayarwa daga wurin jifa ake auna shi. Mai tsara takardar atisaye kan jera tambayoyin fili uku ko huɗu a farko, hannu ya saba da T da R, sannan ya sako ta kan dutse. A nan galibin maki ke zubewa.

Misali daga kan dutse

A ɗauka yaro na tsaye a kan ɗaya daga cikin duwatsun da suka kewaye Jos, mita 25 sama da fili. Ya jefa tsakuwa da gudun mita 25 a sakan, kan kusurwar da sin θ = 0.8, cos θ = 0.6. Gudun kwance ya zama 15, gudun farko na tsaye 20. Tambayoyi huɗu za su iya fitowa daga wannan jifa ɗaya.

Idan aka nemi ƙololuwar tashi, abin da ke hannu a tsaye shi ne u = 20, v = 0, a = −10, ana neman s. Lokaci ne bare, sai fomula ta uku: 0 = 400 − 20s, wato s = 20. Wannan mita 20 ne sama da hannun yaron. Idan tambayar ta ce daga fili, sai a ƙara tsayin dutsen a sami mita 45.

Idan aka nemi lokacin da tsakuwar za ta ɗauka kafin ta sauka a fili, s = −25 ne, domin ta ƙare a ƙasa da inda ta tashi. Babu zancen v, don haka ta biyu:

```
−25 = 20t − 5t²
t² − 4t − 5 = 0
t = 5  ko  t = −1
```

Ana ɗaukar sakan 5, domin −1 lokaci ne kafin jifa. Nisan kwance kuwa 15 sau 5, mita 75. Wanda ya yi gaggawar ɗaukar T da R zai sami sakan 4 da mita 60. Lissafinsa bai karye ba, amsar wata tambaya ce daban ya bayar: a sakan na huɗu tsakuwar ta dawo daidai tsayin kan dutsen ne, da sauran mita 25 a ƙarƙashinta. Wanda kuma ya manta alamar ragi ya sa s = 25 zai iske lissafin ya ƙi fita, kalkuleta ta nuna kuskure, saboda yana tambayar lokacin da tsakuwa za ta kai tsayin da ba ta taɓa kaiwa ba.

Ana iya kauce wa lissafin mai t² ta hanyar bi da fomuloli biyu. Ta uku ta ba da v² = 400 + 500 = 900, don haka v ko dai 30 ne ko −30. Tsakuwar sauka take yi, sai a ɗauki −30. Fomula ta farko kuma ta ce −30 = 20 − 10t, wato t = 5. Wannan hanya ta fi sauƙi idan tambaya ta gaba za ta nemi gudun sauka, amma tana da tarkonta. Kalkuleta 30 kawai take nunawa, kuma wanda ya sa +30 zai sami t = −1. Shi kansa gudun sauka ba 30 ba ne, sai an haɗa shi da na kwance: 30² + 15² = 1,125, √1,125 kuma ya ba da kusan mita 33.5 a sakan.

Tambaya ta huɗu ita ce yaushe tsakuwar take mita 15 sama da kan dutsen. A nan s = +15, lissafin ya koma t² − 4t + 3 = 0, amsoshin kuwa 1 da 3. Duka biyun daidai ne, ɗaya tana hawa, ɗaya tana sauka. Al'adar jefar da amsa ɗaya ba tare da dubawa ba ba ta aiki a wannan wuri, lafazin tambaya ne ke nuna wadda ake so. Idan an tambayi tsawon lokacin da ta yi sama da wannan tsayin, bambancinsu ne amsa, sakan 2.

Duba amsa

Fomula ta huɗu ce ta fi dacewa da wannan, tunda ba a yi amfani da ita wajen samo amsar ba. A misalin dutsen, rabin jimlar 20 da −30 shi ne −5, a ninka da sakan 5 a sami −25, daidai da tsayin da aka fara da shi. Sauran alamomin ba sa buƙatar lissafi. A fili mai daidaito lokacin hawa daidai yake da na sauka, kuma abin yana sauka da gudun da ya tashi da shi. Daga kan tudu, dole lokacin ya fi T tsawo, gudun sauka kuma ya fi na tashi. Idan sin 30 bai ba da 0.5 a kalkuleta ba, an bar ta ne a kan RAD maimakon DEG.

Duk fomulolin nan sun ginu ne a kan ƙarin gudu maras canzawa. Ga tsakuwa a tazarar mita kaɗan wannan zato ne mai kyau. Ga abu maras nauyi kamar ƙwallon tebur, ko mai tsananin gudu kamar harsashi, iska na rage gudun kwance sosai, nisan da ake samu a zahiri ya gaza na takarda, kuma kusurwar da ta fi kai abu nesa takan sauko ƙasa da digiri 45 da R ke nunawa.