Maganin hawan jini mai sa fitsari: me yake yi wa gishirin jiki?

"An ba mahaifiyata haidirokulorotayazaid miligiram 25. Ta yaya maganin fitsari zai sauke hawan jini?"

Ƙoda tana tace jini, sannan ta maido da mafi yawan gishirin da ta tace. Wannan magani da danginsa na tayazaid, har da indafamaid da kulotalidon, suna toshe ɗaya daga ƙofofin da gishirin ke komawa ta cikinsu, sai ya bi fitsari, ruwa kuma ya bi shi. A makonnin farko raguwar ruwan jiki ce ke sauke awon hawan jinin. Daga baya ruwan yakan kusan komawa yadda yake, amma ƙananan hanyoyin jini sun saki, kuma wannan ne ke riƙe awon a ƙasa. Don haka raguwar yawan fitsari ba ta nufin maganin ya daina aiki.

"Idan gishiri ne matsalar, ba alheri ba ne ya ragu?"

Nan ne na fi jin tsoro. Maganin yana hana ƙoda fitar da ruwa zalla yadda ya kamata, sai ruwa ya yi yawa a jini, sodiyam, wato sinadarin gishiri, ya faɗi ƙasa da 135 a gwajin jini, alhali daidainsa 135 zuwa 145 ne. Tsofaffin mata marasa jiki sun fi shiga haɗari, galibi a makonnin farko.

A ɗauka dattijuwa ce mai shekara 70. Kwana goma da fara magani, ga zafin bazara, tana ta kwankwaɗar ruwa, abinci kuwa sai ɗan koko. Sai tashin zuciya, jiri, tana maimaita magana. 'Yan gida su ce tsufa ne. Gwajin sodiyam ya nuna 122. Wannan sai asibiti a ranar, a tsayar da maganin. A hankali ake ɗaga sodiyam ɗin, domin gaggawa na iya lahanta ƙwaƙwalwa. Kada a jiƙa mata ruwan gishiri a gida.

"Fotasiyam fa?"

Sodiyam ɗin da ya wuce ƙofar da aka toshe, ƙoda tana kama wani sashensa a gaba, ta saki fotasiyam, wani sinadari da tsoka da zuciya ke bukata, a madadinsa. Idan ya gaza 3.5, a kan ji kasala, ɗaurewar tsoka ko bugun zuciya mara tsari. Gudawa da amai suna ƙara tsananta abin. Shi ya sa wani lokaci ake haɗa maganin da amiloraid, mai riƙe fotasiyam, sai dai haɗin ba ya hana sodiyam faɗuwa. A auna sodiyam da fotasiyam kafin a fara maganin, a sake bayan mako biyu zuwa huɗu.

"Babban yatsan ƙafata ya kumbura cikin dare. Maganin ne?"

Yana iya zama. Tayazaid yana sa ƙoda ta riƙe yurik asid, wani dattin jini da take fitarwa ta fitsari. Ga mutane da yawa a gwaji kawai ake ganinsa, amma ga wasu yakan taru a gaɓa, ta yi ja, ko mayafi ba ta son ya taɓa ta. Kada ka sayi dikulofenak ka yi ta sha, domin yana rage ƙarfin maganin, yana kuma wahalar da ƙoda. Ka koma wurin likita, akwai irin su amlodifin da za a iya canza maka.