Lissafin tsadar sarrafawa: kwatankwacin kammalallen kaya, asara da ƙimar aikin da bai ƙare ba

Lissafin tsadar sarrafawa hanya ce da akantoci ke bi don gano nawa aka kashe a kan kowane kilo ko lita ko kwali na kayan da masana'anta ke fitarwa iri ɗaya ba yankewa, kamar sabulu da siminti da sukari da man gyaɗa da fenti. A irin waɗannan masana'antu ba a iya nuna sandar sabulu ɗaya a ce ga abin da ta ci ita kaɗai, saboda haka ake tara duk kuɗin da wani sashe ya kashe a wata guda, a raba shi da yawan abin da sashen ya samar. Rabon ba ya zuwa da sauƙi, domin abin da aka zuba a farkon wata ba ya fitowa duka: wani ya kammala, wani ya lalace, wani kuma ƙarshen wata ya riske shi a cikin tukunya. Tambayar da ke haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya takan fito a jarrabawar akantoci.

Ma'anar kalmomin

Kwatankwacin kammalallen kaya shi ne mayar da aikin da aka yi rabi da rabi zuwa adadin kayan da za su kammala da a ce a kansu kaɗai aka yi wannan aikin. Kilo 1,200 da aka yi wa rabin aiki daidai yake da kilo 600 da aka gama. Ana yin wannan kwatance daban ga kowane irin kuɗi, domin ɗanyen kaya galibi a farko ake zuba shi gaba ɗaya, alhali ladan ma'aikata da kuɗin wuta da man janareta da gyaran injuna suna shiga ne sannu a hankali har zuwa ƙarshen aiki. Waɗannan na biyun su ake haɗawa a kira su kuɗin sarrafawa.

Asarar da aka saba ita ce wadda ba makawa sai an yi ta ko da komai ya tafi daidai, kamar ruwan da ke tashi a tururi ko abin da ke maƙalewa a gindin tukunya. An san da ita tun kafin a fara, kuma akan ƙayyade ta a matsayin kaso cikin ɗari na abin da aka zuba. Ba a ɗora mata kuɗi, kayan kirkin da suka fito su ke ɗaukar nauyinta. Asarar da ta wuce kima kuwa ita ce abin da ya haura wancan kaso, sanadin ɗaukewar wuta ko sakacin ma'aikaci ko rashin ingancin ɗanyen kaya. Ita ana yi mata ƙima kamar kayan kirki, sannan a fitar da ita daga tsadar kaya a kai ta lissafin riba da faɗuwa. Ƙa'idar akanta ta duniya mai lamba IAS 2, wadda ta shafi kayan da ke ajiye, ta hana a saka ɓarnar da ta wuce kima cikin ƙimar kaya, ta ce a ɗauke ta a matsayin kuɗin da aka kashe a lokacin da ta auku.

Misali daga masana'antar sabulu

A ɗauka akwai sashen dafawa da busarwa a wata masana'antar sabulu, wanda ya shiga wata ba shi da ragowar aiki daga watan baya. A cikin watan an zuba ɗanyen kaya kilo 10,000 da kuɗinsa ya kai naira 4,850,000. An biya ma'aikata naira 1,000,000, sauran ɗawainiyar sashen ta ci naira 1,670,000, wato kuɗin sarrafawa ya zama naira 2,670,000. Asarar da aka saba kashi 5 ce cikin ɗari na abin da aka zuba, kuma ana sayar da lalataccen sabulun a kan naira 200 kowane kilo. A ƙarshen wata an miƙa kilo 8,000 ga sashen yankawa da naɗewa, kilo 1,200 kuma yana nan bai ƙare ba, an zuba masa ɗanyen kayansa duka amma aikin sarrafawa rabi aka yi. Ana duba ingancin sabulun ne a ƙarshen aikin sashen.

Kafin a taɓa kuɗi sai an daidaita kilo. Idan aka cire 8,000 da 1,200 daga 10,000, abin da ya salwanta kilo 800 ne. Kashi 5 cikin ɗari na 10,000 kilo 500 ne, saboda haka sauran kilo 300 su ne asarar da ta wuce kima. Tambaya ba ta cika faɗin wannan adadi ba, mai amsawa ne zai tono shi, kuma wanda ya kuskure shi a nan duk abin da zai biyo baya ya karkace.

Daga nan sai a ƙirga kwatankwacin kammalallen kaya. Ta fuskar ɗanyen kaya, kilo 8,000 da aka gama da kilo 300 na asarar da ta wuce kima da kilo 1,200 da bai ƙare ba duk sun sami kasonsu cikakke, jimilla 9,500. Ta fuskar sarrafawa, kilo 8,000 cikakke ne, kilo 300 ma cikakke ne tun da sai da aka gama aiki a kansa aka gano ya lalace, amma kilo 1,200 sai a ɗauke shi a matsayin 600, jimilla 8,900. Kilo 500 na asarar da aka saba ba ya shiga ko'ina, kuma barinsa a waje shi ne ke sa tsadarsa ta bazu a kan sauran.

Lalataccen sabulun da aka saba samu yana da ɗan kuɗinsa, kilo 500 sau naira 200, wato naira 100,000. Bisa al'ada daga kuɗin ɗanyen kaya ake cire shi, sai ya rage naira 4,750,000.

```
4,750,000 ÷ 9,500 = 500
2,670,000 ÷ 8,900 = 300
500 + 300 = 800
```

Ke nan kowane kilo da ya kammala ya ci naira 800, ɗari biyar ta ɗanyen kaya, ɗari uku ta sarrafawa. Kilo 8,000 da aka miƙa gaba ƙimarsa naira 6,400,000, kilo 300 na asarar da ta wuce kima naira 240,000. Aikin da bai ƙare ba shi ne ba a ninka shi da 800 kai tsaye, sai an raba shi gida biyu: kilo 1,200 sau naira 500 ya ba da naira 600,000, kilo 600 sau naira 300 ya ba da naira 180,000, ƙimarsa ta zama naira 780,000.

Akwai hanyar gane ko lissafin ya yi daidai. Abin da ya shiga asusun sashen naira 7,520,000 ne. Abin da ya fita kuwa shi ne 6,400,000 da 240,000 da 780,000 da kuma 100,000 na lalataccen sabulun da aka saba, waɗanda jimillarsu ita ma 7,520,000 ce. Idan ɓangarorin biyu suka saɓa da abin da ya wuce 'yan nairori na cike lamba, to akwai kuskure, kuma galibi an manta da naira 100,000 ɗin nan ne a ɗaya daga cikin wuraren biyu da take fitowa.

Kilo 300 ɗin shi ma ana sayar da shi a kan naira 200, amma naira 60,000 da za a samu ba ta shiga asusun sashen. A asusun asarar da ta wuce kima ake cire ta daga 240,000, sai a kai naira 180,000 lissafin riba da faɗuwa. Da za a cire ta daga kuɗin ɗanyen kaya, da tsadar kilo ta riƙa sauka a duk watan da aka fi yin ɓarna, abin da zai ɓoye wa manaja matsalar da ake son ya gani.

Inda ake yawan kuskure

Mafi tsadar kuskure shi ne ɗaukar aikin da bai ƙare ba tamkar an gama shi. A misalin nan kuɗin sarrafawa zai rabu da 9,500 maimakon 8,900, kilo ya koma kusan naira 281, ƙimar ragowar aikin ta haura naira 937,000, ƙarin fiye da naira 157,000 a kan gaskiya. Wannan ƙari kuɗin watan ne da aka tura zuwa watan gaba, saboda haka idan an sayar da kayan da aka gama, ribar wannan wata za ta fito da ƙiba ta ƙarya. Shi ya sa masu binciken asusu ke tsananta tambaya a kan kashi nawa aka ce aiki ya kai, domin adadin kiyasin mai kula da sashe ne, ba abu ne da ake aunawa a sikeli ba.

Wurin da ake duba inganci

Hanyar da aka bi a sama ita ce gajeriyar hanya, wadda tambayoyin jarrabawa suka fi nema, amma tana da wani rauni. Tun da a ƙarshen aiki ake duba sabulun, kilo 1,200 da ya tsaya a rabi bai isa wurin dubawa ba tukuna, amma duk da haka an ɗora masa wani kaso na asarar da aka saba, kuma a watan gaba idan ya kammala zai sake ɗaukar wani. Doguwar hanya tana gyara wannan ta hanyar saka kilo 500 cikin ƙirga, ta yadda ɗanyen kaya zai rabu da 10,000 ya ba da naira 485, sarrafawa kuma ya rabu da 9,400 ya ba da kusan naira 284. Daga baya sai a ɗauki tsadar kilo 500 ɗin, bayan an cire kuɗin sayar da shi, a ɗora ta a kan abin da ya ratsa wurin dubawa kaɗai. Ta wannan hanya ƙimar aikin da bai ƙare ba ta sauko zuwa kusan naira 752,400, ƙasa da ta farko da kimanin naira 27,600. Bambancin ba shi da yawa a nan, amma yana girma idan ragowar aikin na da yawa ko kason asarar ya yi sama. Idan kuwa ragowar aikin ya riga ya wuce wurin dubawa, daidai ne ya ɗauki kasonsa na asarar.

Wurin dubawar yana shafar asarar da ta wuce kima ita ma. Da a ce ana tsame lalataccen sabulu ne lokacin da aiki ya kai kashi 40 cikin ɗari, kilo 300 zai zama 120 kaɗai ta fuskar sarrafawa, ko da yake ɗanyen kayansa cikakke ne.

Wani lokaci asarar takan gaza abin da aka zata. Da sashen ya fitar da kilo 8,400, abin da ya salwanta 400 ne, an sami rarar kilo 100 ke nan, wadda ake cirewa daga kwatankwacin kammalallen kaya maimakon a ƙara ta, kuma sai a rage mata naira 20,000 na lalataccen sabulun da ba a samu an sayar ba. Idan sashen ya gaji ragowar aiki daga watan baya, tambaya za ta faɗi ko a haɗa kuɗinsa da na wannan wata a ɗauki matsakaici, ko a bi tsarin cewa abin da ya fara shiga shi ke fara fita, inda ake ƙirga aikin da aka ƙarasa a kansa a wannan wata kawai.