Direban kamfani ya buge min mota: wa zai biya?

Tambaya: Barista, motar wani kamfanin ruwan leda ta daki motata ta baya a hanyar Kumo. Gyara zai ci naira miliyan 1 da dubu 800. Manajansu ya ce ba su suka aiki direba ya yi ganganci ba, in je in neme shi. Shi kuwa direban ba shi da ko sisi. Haka abin yake?

Amsa: A'a, Alhaji. A dokar Najeriya, idan ma'aikaci ya yi sakaci yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ne ke ɗaukar diyyar, ko da bai san lokacin da abin ya faru ba. Ai babu kamfanin da ke aiken direba ya yi ganganci, don haka kotu ba wannan take tambaya ba. Abu uku take dubawa: direban ma'aikacinsu ne, shi ne ya yi sakaci, kuma yana bakin aikinsu lokacin da ya yi.

Na farkon yana da sauƙi. Da zarar ka nuna motar tasu ce, kotu za ta ɗauka cewa mai tuƙin yaronsu ne, sai in sun kawo hujjar da ta rushe haka. Na ukun ne ake fafatawa a kai.

Tambaya: To, ta yaya ake gane yana bakin aiki?

Amsa: A ce an loda masa ruwa a Gombe, an ce ya kai wa diloli a Kumo. Ya taka wuta don ya sauke da wuri, ya dake ka. Wannan aikinsu yake yi, sai dai ya yi shi ba daidai ba, kuma su za su biya. Ko sun fito da takardar da ya sa wa hannu cewa ba zai wuce kilomita 60 a awa ba, ba za ta cece su ba. Takardar ta tsara yadda zai yi aikin ne, ba ta fitar da shi daga aikin ba. Haka nan idan ya ɗan ratse ya yi salla ko ya ci abinci, yana dawowa kan titi abin ya faru, galibi ana ƙirga shi yana kan aiki.

Amma a ce ya sauke kaya, maimakon ya mayar da mota gareji sai ya kama hanyar Bajoga ɗaurin auren abokinsa, can ya yi haɗarin. Nan kam sha'anin gabansa ya tafi, kuma kamfani na iya zare hannunsa. Tsakanin waɗannan biyun akwai faɗi, kotu kan auna nisan ratsen da dalilinsa. Shi ya sa nake gaya wa mutane su ɗauki hoton motar da kayanta a kai tun a wurin. Mota cike da ledojin ruwa da tsakar ranar Talata ta fi shaidu uku magana.

Wani wurin da ake zamewa: wanda direba ya rage wa hanya alhali kamfani ya hana ɗaukar fasinja, musamman in an rubuta a jikin motar. Irin wannan in ya ji rauni, da wuya ya samu komai daga kamfanin.

Tambaya: 'Yan sanda sun riga sun kai direban kotu. Ba shi ke nan ba?

Amsa: Waccan shari'ar laifi ce, tsakaninsa da hukuma. Kuɗin gyaranka ƙara ce daban da kai za ka shigar. Ka haɗa direban da kamfanin a ciki. Kotun Ƙoli ta bayyana a shekarar 2000, a shari'ar Ifeanyi Chukwu Osondu da Soleh Boneh, cewa rashin sa sunan direba ba ya kashe ƙarar da aka kai ubangida, amma dole ka tabbatar da sakacin direban. A nan rahoton 'yan sandan kula da zirga-zirga, zanen wurin da suka yi, da rahoton jami'in duba motoci za su yi maka amfani. Ka riƙe rasidin kowane kayan gyara da na motar jan mota, domin kotu ba ta biyan kuɗin da aka ambata da baki kawai.

Tambaya: Ina batun inshora?

Amsa: Ka nemi takardar inshorar motar kamfanin tun yanzu, ka duba lambar motar a askniid.org, don jabu sun yi yawa. A tsarin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fara aiki da shi a Janairun 2023, inshorar dole ta motar da kamfani ke ɗaukar kayansa da ita tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5, don haka naka yana ciki. In takardar jabu ce, ko ɓarnar ta wuce wannan iyaka, kamfanin ne zai biya daga aljihunsa. Kada ka sa hannu a takardar sulhu da ke cewa ka yafe sauran haƙƙinka kafin bakanike ya kwance gaban motar da bayanta ya ga iyakar ɓarnar.