Mene ne rahoton ziyarar shantiye?

Idan kana bin wata sabuwar hanya da ake yi a bayan garin Tahoua ka ga mutum da hular kwano ya durƙusa yana haƙa ɗan rami a tsakiyar jan burjin da aka daɓe, ba ɓarna yake yi ba. Ɗan kwantirol ne, wato mai duba ingancin aikin, kuma abin da zai rubuta bayan ya tashi shi ake kira rahoton ziyarar shantiye, wato wurin da ake aikin. Takarda ce da ke ɗora aikin da aka gani da ido a kan abin da kundin kwangila ya ce a yi: an kai ko ba a kai ba, a wane wuri, da wane awo.

Wurin ana rubuta shi da lambar kilomita. PK 3+250 na nufin kilomita 3 da mita 250 daga mafarin aikin. Rahoton da ya ce "aiki na tafiya daidai" ba tare da irin wannan lamba ba, ni ban ɗauke shi rahoto ba.

A ce kwangila ta nemi shimfiɗar latirit, wato jan burjin nan, mai kaurin santimita 20, a daɓe ta har ta kai kashi 95 cikin 100 na nauyin da labo, wato ɗakin gwaji, ya samu a gwajin Furokta, wanda ke nuna iyakar yadda ƙasar za ta iya daɓuwa. Labo ya samu kilo 2100 a mita kubik, ke nan dole a samu aƙalla kilo 1995 a kan hanya. Ɗan kwantirol ya haƙa raminsa a PK 3+250, ya auna girman ramin, ya busar da ƙasar da ya kwaso ya ɗora a sikeli, sai ya samu 1930. Kashi 92 ke nan, bai kai ba. Ya zura ma'auni a ramin kuma ya ga santimita 17. Ukun nan da suka ɓace kamar ba komi, amma a faɗin mita 7 da tsawon mita 500, mita kubik 105 ne na latirit da za a biya kuɗinsa alhali ba a zuba ba.

Yawanci ruwa ne ke jawo raunin daɓe. A zafin bazara tankar ruwa za ta yayyafa, kafin motar daɓe ta iso iska ta shanye danshin, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta kamuwa ko sau nawa aka bi ta kai. Shi ya sa rahoton ke faɗin tanka nawa aka tarar a wurin ranar.

Daga nan sai umarni: a kankare daga PK kaza zuwa PK kaza, a ƙara latirit, a jiƙa, a sake daɓewa, a sake gwaji nan da kwana 7, kada a zuba gudron kafin nan. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi na fi dubawa, domin da zarar baƙi ya rufe ja, ba mai sake ganin abin da ke ƙasa sai damina ta zo manyan motoci sun fara barin sawun tayarsu. Ɗan kwantirol da shugaban shantiye duk su sa hannu, a haɗa da hotuna. A ziyara ta gaba, da wannan takarda a hannu ake komawa PK 3+250 a sake haƙa rami.