Me ake nufi da ƙaurar da ayyuka daga Excel zuwa Jira?

Ƙaurar da ayyuka ita ce kwashe jerin ayyukan da ofis ke rubutawa a Excel ko Google Sheets a zuba su cikin manhajar bin diddigin aiki irin su Jira, kowane layi ya zama aiki guda da mai shi da wa'adinsa. Ana yin ta da fayil ɗin CSV, wanda rubutu zalla yake ɗauka. Launin da aka shafa wa layi, da sharhin da aka maƙala a gefen akwati, da tarihin gyare-gyaren fayil, duk a baya ake barinsu.

Saboda haka abin da kake so ya tsira, sai ka ba shi ginshiƙi nasa tun kafin fitarwa. Ga layi ɗaya da aka shirya:

```
Summary,Assignee,Created,Due date,Comment
Gyaran janareto,sani@example.com,2025-03-10,2025-04-03,"2025-03-12;sani@example.com;An sayo batir"
```

Tarihin da ake iya cetowa yana cikin Created, wato ranar buɗe aiki, da Comment, wato sharhi. In ba a haɗa ginshiƙin Created da takwaransa na Jira ba lokacin shigar da fayil ɗin, aikin watan Maris zai fito kamar ran ƙaura aka buɗe shi. Sharhi kuwa rana ce, sai mai magana, sai maganar, kuma in sharhin uku ne sai a yi ginshiƙan Comment uku.

Wa'adi ne ya fi cin mutane. Mu in mun rubuta 03/04/2025, 3 ga Afrilu muke nufi, amma tsarin Amurka zai karanta shi 4 ga Maris, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba tunda duka biyun ranaku ne na gaskiya. Sai dai a wayi gari a ga gyaran janareto ya yi ja, wai ya makara da wata guda. Maganinsa a juya ranakun tun a Excel da `=TEXT(D2,"yyyy-mm-dd")`, inda D2 shi ne akwatin da ranar take, sannan a gaya wa Jira tsarin `yyyy-MM-dd`. A kula da manyan MM ɗin nan, don a wurin Jira ƙananan mm mintuna ne.

Masu aiki kuma, "Malam Sani" ko "Oga" ba asusu ba ne. A buɗe wa kowa asusu tukuna, a sa imel ɗinsa a madadin laƙabi. Assignee, wato gurbin mai aikin, mutum ɗaya yake karɓa, don haka inda aka rubuta "Sani da Binta" dole shugaba ya zaɓi ɗaya. Ni a ganina wannan ma alheri ne.

A adana fayil ɗin da CSV UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya komawa alamar tambaya. Sannan a fara gwaji da layi goma a wurin gwaji na daban, a zaɓi masu ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba, tunda su ne ke juyewa shiru. In sun dace da na asali, a kulle tsohon fayil kada kowa ya ƙara rubutu a ciki, a kwashe sauran.