Hayar na'ura ko sayenta: kwatanta tsada bayan haraji

Idan kamfani ya riga ya yanke shawarar cewa yana buƙatar wata na'ura, abin da ya rage shi ne ya saye ta ko ya ɗauke ta haya. Ana warware wannan ne ta hanyar jera kuɗin da zai fita da wanda zai dawo kowace shekara, bayan an cire haraji, sannan a mayar da kowane adadi zuwa darajarsa ta yau, tunda kuɗin baɗi bai kai na bana ba:

```
PV = CF / (1 + r)^t
```

PV ita ce darajar yau, CF shi ne kuɗin shekarar, t adadin shekaru, r kuwa ma'aunin ragi, wato kason da ake rage darajar kuɗin gaba da shi kowace shekara.

A ɗauka na'ura ce ta 100,000, za ta yi aikin shekara 5, haraji kuma kashi 30 cikin ɗari. Mai saye zai biya kuɗin gaba ɗaya yau. Amma idan dokar haraji ta yarda ya riƙa cire 20,000 a shekara a matsayin tsufan na'ura, harajinsa zai ragu da 6,000 duk shekara. In ya sayar da ita 10,000 a ƙarshe, 7,000 ne zai shiga aljihunsa bayan haraji. Mai haya kuwa yana biyan 26,000 a ƙarshen kowace shekara. Da yake ana cire kuɗin haya kafin a lissafa haraji, ainihin nauyinsa 18,200 ne.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen r. Yarjejeniyar haya wajibi ce tsayayya, kamar bashi: ko an ci riba ko an faɗi, sai an biya. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne kuɗin ruwan rance bayan haraji. Idan banki zai ba da rance a kan kashi 10, r ya zama kashi 7. Da wannan, tsadar saye a yau ta kai kimanin 70,400, ta haya kuma 74,600. Saye ya fi arha da kusan 4,200.

To, a ce an yi amfani da kashi 12, matsakaicin tsadar jarin kamfanin baki ɗaya. Nan take saye ya koma 74,400, haya ta sauko 65,600, amsa ta juye. Ba abin da ya canja a na'urar. Babban ma'auni ne kawai ya ƙanƙantar da biyan da ke gaba, alhali 100,000 ɗin mai saye na nan daram. Wannan kuskure ne mai tsada, kuma alamarsa ita ce haya ta riƙa yin nasara a kusan kowane lissafi.

Farashin sayarwa na ƙarshe dai hasashe ne, shi ya sa wasu ke rage shi da ma'auni mafi girma. Kamfanin da ke tafka asara kuma ba ya biyan haraji, don haka ragin 6,000 ɗin ba ya amfanarsa a lokacin. Mai ba da hayar ne zai mora, wataƙila ya sassauta masa kuɗin haya.